Ƙafa da bargo: abin da Turkawa ke nufi da "Ayağını yorganına göre uzat"

Tambaya: "Malam, ina karatu a birnin Konya na ƙasar Turkiyya. Na gaya wa dattijuwar da nake haya a gidanta cewa zan karɓi sabuwar waya bashi, sai ta dube ni ta ce: Ayağını yorganına göre uzat. Na gane akwai ƙafa da bargo a ciki, amma me take nufi, faɗa ne ko nasiha? Kuma wasu harsuna, har da namu, suna da irinsa?"

Ɗan'uwa, nasiha ce, kuma irin wadda uwa ke yi wa ɗanta. Baturke ba ya jefa wa baƙon da bai shaƙu da shi ba wannan magana, domin shiga ce cikin sha'anin aljihun mutum, saboda haka faɗarta da dattijuwar ta yi alama ce ta cewa ta ɗauke ka ɗan gida.

Kalmomi huɗu ne. Ayak ita ce ƙafa, amma idan aka liƙa mata ɗafin da ya fara da wasali sai harafin k ya yi laushi ya koma ğ, wanda kusan ba a furta shi, sai dai ya ja wasalin da ya gabace shi; shi ya sa ayağını ke nufin "ƙafarka" a matsayin abin da aiki ya faɗa wa. Yorganına na nufin "ga bargonka", göre na nufin "gwargwadon", uzat kuwa umarni ne, "miƙe". Jimlar dai ita ce: miƙe ƙafarka gwargwadon bargonka. Turkawa na kiran irin wannan magana atasözü, wato maganar kakanni, kuma ƙamusoshinsu na fassara ta a taƙaice da cewa mutum ya daidaita abin da yake kashewa da abin da yake samu. Wannan ita ce ma'anarta ta yau da kullum, ta kuɗi ce tsantsa, kuma ita dattijuwar ke nufi.

Sai dai kalmar "bargo" ba ta ɗauke nauyin yorgan duka ba, kuma wanda bai san abin ba ba zai ji zafin karin maganar ba. Bargon da muka sani, mai falle ɗaya, sunansa daban a Turkanci. Yorgan kuwa abin lulluɓa ne mai kauri da ake cusa wa auduga ko ulu a tsakanin yadi biyu, a bi shi da ɗinkin hannu don kada cikin ya taru wuri guda. Sana'a ce mai zaman kanta, da masu sheme auduga da masu ɗinki, kuma a al'adance yana cikin manyan kayan ɗakin amarya, ana jera su a kan juna a gefen ɗaki har yawansu ya nuna ƙarfin gida. Muhimmin abu shi ne tsawonsa a ƙayyade yake tun ranar da aka ɗinka shi. Ba ya miƙewa, ba a ƙara masa tsawo da tsakar dare. A tsakiyar Anadolu, wato ɓangaren Turkiyya da ke nahiyar Asiya, inda kake, da gabashinta wajen Erzurum da Kars inda sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili, ƙafar da ta leƙo waje ba ta bukatar wani ya tsawata mata. Mai ita zai farka da kansa. Hikimar maganar ke nan: hukuncin yana cikin hoton, ba a kawo shi daga waje ba. Ba a ce maka almubazzaranci abin kunya ne ba, ba a ce mutane za su zage ka ba, an dai nuna maka cewa kai za ka ji sanyin.

Tsohuwar siffar maganar ta fito da wannan fili. Mahmud al-Kashgari, wanda ya fara rubuta Diwan Lugat al-Turk a 1072 don ya koya wa Larabawa harshen Turkawa, ya kawo karin magana masu yawa a matsayin misalan kalmomi, kuma a cikinsu akwai wanda ke cewa idan aka miƙe ƙafa fiye da bargo za ta ji sanyi. Ka lura babu umarni a wannan tsohuwar siffa, bayani ne kawai na abin da ke faruwa. Daga baya ne bakin mutane ya yanke rabin sakamakon, ya mayar da ragowar umarni, tunda duk wanda ya taɓa kwana a hunturu ya san ƙarshen zancen. Hoton nan ya kusa shekara 1000 a rubuce a harshen Turkawa.

Yanzu ga inda mutane ke kuskuren aiki da shi. Kowa ya yarda da karin maganar, amma yawanci ana auna bargon ba daidai ba. Bari in ba ka misali da lissafin da na tsara don bayani. A ce ma'aikaci ne a wani birnin Turkiyya da ke karɓar lira 60,000 a wata. Haya na cin 20,000, cefane 18,000, wuta da ruwa da gas 6,000, abin hawa 4,000, hidimar yara 5,000. Jimla 53,000, saura 7,000. Zai aurar da ɗansa, ya shiga shagon kayan ɗaki ya ga kujeru da gado na 120,000, mai shago ya ce a raba masa kuɗin wata 12, wato 10,000 duk wata. Wannan biyan kashi-kashi, da suke kira taksit, ya zama jinin ciniki a ƙasar, kuma za ka ga an rubuta shi a ƙofar shaguna da dama. Mutumin nan zai ce a ransa, mene ne 10,000 a cikin 60,000, ai kashi ɗaya ne cikin shida. A nan ya yi kuskure, domin bargonsa ba 60,000 ba ne, 7,000 ne. Tun watan farko ƙafarsa ta leƙo da 3,000, kuma a shekara giɓin ya kai 36,000 ko da babu abin da ya taso. Abu kuwa zai taso, domin kuɗin gas na watan Janairu ba ɗaya yake da na Yuni ba.

Da ya sayi kayan 84,000, biyan wata zai zama 7,000 cif, lissafi ya yi daidai a takarda. Amma ko wannan ban kira shi bin karin maganar ba, domin wanda yatsunsa suka tsaya daidai bakin bargo, juyi ɗaya zai yi cikin barci su fito. Wanda ya fahimci maganar shi ne wanda ya sayi na 60,000, yana biyan 5,000, ya bar 2,000 don ranar da ba a sa rai ba. Turkawa ma suna da wani karin maganar da ke cika wannan, cewa farin kuɗi don baƙar rana ake aje shi.

Yadda ake gane ƙafa ta riga ta fita ba shi da wuya. Idan mutum ya fara biyan mafi ƙarancin abin da banki ya yarda a biya a kan katinsa, yana tura sauran zuwa wata mai zuwa da ruwa a kai, ta fita. Idan ya ci sabon bashi don ya biya tsoho, ta fita har gwiwa. Idan kuma albashi ya shigo ranar ɗaya ga wata amma kafin rana ta faɗi an gama rabe shi ga masu bin bashi, to ba ya kwana a cikin bargonsa ma sam. Game da wayarka, tambayar da dattijuwar ke so ka yi wa kanka ba ita ce nawa ake aiko maka ko nawa tallafin karatunka yake ba, ita ce nawa ke saura bayan haya da abinci da mota da littattafai, a watan da ya fi kowanne tsanani.

Karin maganar ba yana koyar da rowa ba ne, kuma wannan wuri ne da nake so a kula da shi sosai. Umarnin da ke ciki "miƙe" ne, ba "naɗe" ba. Wanda yake da dogon bargo amma ya kwana a ƙudundune shi ma bai bi ma'auni ba. Shi ya sa masu wa'azi kan haɗa irin wannan nasiha da aya ta 29 ta Suratul Isra'i, wadda ta hana ƙuntata hannu zuwa wuya ta kuma hana shimfiɗa shi gaba ɗaya. Haka nan ba ya hana kowane irin bashi. Turkawan da suka faɗi wannan su ne kuma suka ce bashi bulalar jarumi ne, ma'ana yana zaburar da mutum ya tashi ya nema. Maganganun biyu ba sa karo idan aka duba abin da aka yi da kuɗin. Telan da ya karɓi keken ɗinki bashi yana ƙara wa bargonsa tsawo ne, domin keken zai kawo abin biyan kansa. Wanda ya karɓi kujerun alfarma bashi ƙafarsa kawai ya ƙara wa tsawo.

Akwai kuma iyakar da maganar ba ta wucewa, kuma Turkawa sun san ta da kyau a 'yan shekarun nan. Karin maganar ya ɗauka cewa bargon na nan yadda yake, mai ƙafa ne ke da zaɓi. Amma a watan Oktoba na 2022 hauhawar farashi a Turkiyya ta haura kashi 85 cikin 100 a shekara bisa ƙididdigar hukuma, kuma a irin wannan hali bargon ne ke tsukewa alhali mutum yana kwance bai motsa ba. Ɗan fansho da ya rage nama, ya rage dumama ɗaki, ya rage zirga-zirga, idan ka ce masa ya miƙe ƙafa gwargwadon bargo, ba nasiha ka yi masa ba, ka ci masa fuska ne, kuma amsar da za ka ji ita ce bargon ya gajarce, ko kuma babu sauran bargo. A ganina maganar tana da kyau daga uwa zuwa ɗa, ko daga aboki zuwa abokin da ke shirin ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa. Tana da muni daga mai hali zuwa marar hali, ta fi muni kuma daga mai mulki zuwa talakawan da shi ne ya rage musu bargon. Italiyawa da mutanen Brazil suna da salon magana na musamman don wannan yanayi, suna cewa bargon gajere ne, wato in ka rufe kai ƙafa ta buɗe, in ka rufe ƙafa kai ya buɗe, kuma suna amfani da shi a kan kasafin kuɗin gwamnati da kuma ƙungiyar ƙwallon da ba ta da isassun 'yan wasa. Wannan ba ya ɗora laifi a kan mai barci.

Idan muka fita daga Turkiyya, za ka sami hoton nan a faɗin ƙasashe masu yawa, amma abin shimfiɗar ko lulluɓar yana sauyawa, kuma da ya sauya sai ma'anar ta ɗan karkata. Wannan ne abin da mai fassara ya fi bukatar sani.

Larabawa na cewa ala ƙadari lihafika mudda rijlaika, gwargwadon mayafinka miƙe ƙafafunka, kuma daga Masar zuwa Sham ana faɗarsa da karin harshen kowane wuri, da ma'anar kuɗi kamar ta Turkawa. Masu Hindi da Urdu na cewa a dubi mayafi kafin a miƙe ƙafa, su ma a kan kashe kuɗi, musamman hidimar aure. Albaniyawa na cewa miƙe ƙafafunka iya inda bargonka ya kai, kuma kalmar da suke amfani da ita ta bargon, jorgan, ita ce ta Turkanci da suka ara a ƙarnonin da yankin Balkan ya yi ƙarƙashin Daular Usmaniyya. Irin wannan kalmar aro ita ce hujja mai ƙarfi ta cewa al'ummomi biyu sun yi musayar magana. Kama kawai ba ta isa hujja ba, domin duk inda ake sanyi kuma yadi ke da tsada mutane na iya gano wannan hoton da kansu.

Farisawa ne suka fi ba da sha'awa. Su abin da ke cikin maganarsu shi ne gelim, wato saƙaƙƙiyar shimfiɗar da ake zama a kai, ba abin lulluɓa ba. Suna cewa miƙe ƙafarka iya shimfiɗarka, kuma idan suka ce wane ya miƙe ƙafa fiye da shimfiɗarsa, yawanci suna nufin ya wuce matsayinsa, ya tsoma baki a abin da ba huruminsa ba, ko ya yi wa na gaba da shi tsaurin ido. Dalilin sauyin a fili yake. Ƙafar da ta wuce bargo sanyi take ji, mai ita kaɗai ya cutu. Ƙafar da ta wuce shimfiɗa a majalisa kuwa ta hau wurin wani ne, kuma miƙe ƙafa a gaban manya rashin ladabi ne a can kamar yadda yake a wajenmu. Saboda haka maganar Farisawa na iya zama gargaɗi mai kaifi, kusa da barazana. Baturke idan yana son faɗin wannan ba bargo zai ambata ba, cewa zai yi haddini bil, san iyakarka, kuma da wannan dattijuwar ta faɗa maka, da na ce faɗa ne.

Jamusawa na da bargon, suna cewa mutum ya miƙe gwargwadon abin lulluɓarsa, amma sun fi faɗarsa a kan wanda dole ta sa ya takaita, kamar iyalin da maigidansu ya rasa aiki. Ba shawara ce kafin aiki ba, bayanin halin matsi ne. Kalmar da suke kiran bargo da ita kuma ita ce sunan rufin ɗaki daga ciki, har wasu masu harshen kan ɗauka ana nufin mutum ya yi miƙa ya taɓo rufi, wato ya yi ƙoƙari, abin da ya juya ma'anar. Rashawa sun ce miƙe ƙafafu gwargwadon tufafi, kuma a harshensu kalmomin "tufafi" da "ƙafafu" suna da amsa-amo, abin da ya taimaka wa maganar ta zauna a baki.

Ingilishi sun bar gado gaba ɗaya sun tafi shagon tela. Suna cewa yanka rigarka gwargwadon yadinka, kuma maganar tana cikin tarin karin maganar da John Heywood ya buga a 1546. Bambancin da na Turkawa shi ne lokaci. Mai barci yana iya janye ƙafarsa da ya ji sanyi, kuskurensa na gyaruwa a daren. Tela kuwa da almakashi ya ci yadi an gama, in ya yanka jiki da faɗi babu abin yin hannu. Don haka na Ingilishi ya fi dacewa da tsari kafin a fara aiki, kamar gini ko kasafin shekara, na Turkawa kuma ya fi dacewa da rayuwar yau da gobe. A Najeriya za ka ji masu Turanci da yawa sun sauya shi, suna cewa a yanka riga gwargwadon girman jiki. Abin da suke nufi daidai ne, amma hoton ya kauce, domin kowane tela gwargwadon jiki yake yankawa, kuma matsalar da karin maganar ke magana a kai ita ce ranar da yadin bai kai jikin ba. Masu Suwahili kuwa sun ɗauko nasu daga jiki kai tsaye, suna cewa mutum yana susa ne inda hannunsa ya kai.

A Hausa ba mu da guda ɗaya da ya rufe dukkan fuskokinsa, ko da yake mun san hunturu mun san gwado da luru. Mafi kusa shi ne "daidai ruwa daidai tsaki". Hoton na mai girki ne da ke auna tsaki da ruwan da ke tukunya, kuma ana faɗarsa sosai a kan wanda ya yi hidima iya ƙarfinsa, kamar uban da ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki ba tare da ya ci bashi ba. Ya ɗauki ma'anar daidaitawa cif, har da gefen nan na cewa ba rowa ake nufi ba, domin tsaki kaɗan a ruwa mai yawa shi ma ɓarna ne. Abin da ya rasa shi ne sanyin, wato gargaɗin abin da zai biyo baya. Wannan gefen sai ka nemo shi a "kwaɗayi mabuɗin wahala", ko a maganar da ke cewa tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya amma ya yi dubu bai fito ba, wadda ta yi daidai da halin mai kujerun nan da ya sa hannu a minti biyar zai kuma yi shekara yana biya. Gefen wadatuwa da abin hannu kuwa yana cikin "guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni". Akwai ma namu mai sassauci irin na bulalar jarumi, "bashi hanji ne, yana cikin kowa", wanda ake faɗa don a rage wa mai bashi kunya, ba don a tura shi ya ƙara ba.

Saboda haka idan fassara ta kama ka, dubi wanda ke magana da abin da ake ciki. Idan uwa ce ke tsara biki da 'yarta cikin natsuwa, "daidai ruwa daidai tsaki" ya wadatar. Idan uba ne ke tsawata wa ɗan da ya hango motar abokinsa, "kwaɗayi mabuɗin wahala" ya fi kama zafin muryarsa. Idan kuma labarin na ƙauyen Anadolu ne cikin dusar ƙanƙara, ni nakan bar hoton yadda yake in ce "miƙe ƙafarka iya bargonka", domin Bahaushe zai gane shi nan take, kuma sauya shi da tukunyar tsaki zai fitar da mai karatu daga ɗakin da labarin ke faruwa.

Ita kuwa dattijuwar, amsar da ta dace da ita gajeriya ce. Ka ce mata haklısınız teyze, wato kina da gaskiya inna, da siffar girmamawa ta jam'i da ake yi wa manya, kuma teyze asalinta 'yar'uwar mahaifiya ce, da ita ake kiran duk macen da ta kai sa'ar uwa. Daga nan ka zauna da biro da takarda ka fitar da abin da ke saura maka a watan Janairu, ka raba kuɗin wayar da shi, ka ga wata nawa zai ɗauke ka.